Saniyar da Ke Banyo

Sajo bai taɓa son birni ba, birni ma bai damu da shi ba. Tun da ɓarayi suka kore garkensu yake zaune a unguwar Barade yana tuƙa keke napep, yana zagin duk wanda ya yi masa hon. Saniya ɗaya ce ta tsira, Wule mai farin goshi, jikar shanun mahaifinsa. Ita ma yunwa ta sa ya sayar wa Alhaji Nasiru, wani mai shanu a Banyo ta Kamaru, da alkawarin in ya samu hali zai fanshe ta.

Sai ga waya. Alhaji zai rage dabbobi, dillalan kudu sun taya. Amma don zumunci, in Sajo ya kawo sefa dubu ɗari biyar, kuɗin Kamaru, kafin ranar kasuwa, ya zo ya ja abarsa.

Sajo ya san farashi: sefa dubu, naira dubu biyu. Miliyan ɗaya ke nan. Ya kuma ji a rediyo cewa naira ta faɗi da kashi ashirin cikin ɗari, kuma shi ba yaro ba ne. Ya ɗora dubu ɗari biyu a kai. Ya sayar da keken, wato abincin gidansa. Tukwane suka sha wahala a hannun matarsa Kadijatu ranar.

Da hantsi ya isa shagon Barnabas ɗan canji a kasuwa, wanda ke da abokin hulɗa a Banyo. A ba shi naira a nan, wancan ya biya sefa a can. Barnabas ya danna kalkuleta ya juyo masa da ita.

"Baba, kuɗinka bai kai ba. Wannan sefa dubu ɗari huɗu da tamanin ne. Yau sefa dubu, naira dubu biyu da ɗari biyar."

"Kai! Ashirin aka ce, ni na ji da kunnena. Ina ka samo ashirin da biyar? Ribarka ce ka cusa?"

"Ban sa ribana ba ma tukuna. Da, naira dubu yana sayen sefa ɗari biyar, yanzu ɗari huɗu. Shi ne ashirin ɗin rediyo. Kai kuma sefa kake saya." Ya ga Sajo bai sauko ba, sai ya ɗaga yatsu. "Shanu biyar, ɗaya ya mutu. Ka rasa nawa?"

"Ɗaya cikin biyar."

"To, saura huɗu. Ka koma biyar, ɗayan da za ka nemo, ɗaya ne a kan huɗu. Faɗuwa daga biyar ake auna shi, hawa daga huɗu."

Sajo ya ƙura wa yatsun ido. Da da wani abu daban aka yi masa misali da ya yi gardama har la'asar, amma lissafin shanu ba ya ƙarya a wurinsa. Ya san ciwon tayar da garke daga abin da ya rage. Saura naira dubu hamsin, kuma zuciyarsa ta yi baƙi ƙirin.

Ya kira Alhaji ya roƙi ragi. Alhaji ya ce wallahi a hakan ma ya yi asara, dillalai sun ba shi fiye. Sajo ya bi 'yan uwa daga unguwar Majidaɗi har ta Nukkai, kowa ya ba shi ruwa da addu'a. A ƙarshe Kadijatu ce ta kinkimi keken ɗinkinta ta kai wa maƙwabciya ta sayar.

"Malam, ga shi. Ba don saniyar ba, don kada ka haukace mana."

Washegari ya zube miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu da hamsin a gaban Barnabas, cif. Barnabas bai ko taɓa kuɗin ba, ya kawar da kai.

"Baba, ka yi haƙuri. Ya tashi dubu biyu da ɗari shida da safen nan."

"Nawa ke nan?"

"Ɗari huɗu da tamanin, da ɗan abu a kai."

Sajo ya yi wata dariya mara daɗin ji. Babu sauran abin sayarwa a gidan sai tabarma. Ya fita bakin shago, ya tsuguna kusa da masu lemo, ya kira Banyo. Ta cikin wayar yana jin kukan shanu da ihun masu lodi.

"Alhaji, ban iya ba. Ka sayar." Ya gyara tsugunno. "Abu ɗaya nake roƙo. Wanda zai saya, makiyayi ne?"

Alhaji ya rage murya.

"Sajo, motar Yawunde ce. Ka san ba kiwo ake kai su ba."