Amsa Biyu a Allo Ɗaya

Saura kwana uku Malama ta gama koyon aikin koyarwa, kuma sau biyu ke nan mai dubawa daga kwaleji tana zuwa ajinta ta tafi ba ta ce madalla ba. Zuwa na uku shi ne na ƙarshe. In ta faɗi, sai ta maimaita shekara, ga shi yayarta da ke riƙe mata 'yarta ta riga ta gaya mata ƙarara cewa shekara ɗaya aka yi alkawari, ba biyu ba.

Darasin ranar kuwa tagwayen jimloli ne, waɗanda ake ba ka layi biyu na lissafi a ce ka nemo x da y. Hanya biyu ake bi. Ko dai ka daidaita layukan ka haɗa su har harafi ɗaya ya soke, ko kuma ka fitar da darajar harafi ɗaya daga layin farko ka sa shi a gurbinsa a layi na biyu. Abin da ya hana Malama sukuni shi ne, kowace hanya tana da mai ita a makarantar. Tsohon malamin lissafin da aka danƙa ta a hannunsa, yara Malam Soke suke kiransa a bayan idonsa, don shekara talatin bai taɓa koya wa kowa wata hanya ba.

"Sokewa, 'yata," in ji shi a ɗakin malamai. "Yaro bai iya baka biyu ba. Da ya ga baka sai hankalinsa ya tashi. Ki ce musu su soke, a wuce wurin."

Mai dubawar kuma, wadda ɗaliban kwaleji suka laƙaba wa Jan Biro, da Malama ta kai mata littafin tsara darasi sai ta ce, "Ina fata dai ba sokewa kaɗai za ki cusa musu ba. Wanda bai iya maye gurbi ba, ranar da ya haɗu da jimla mai x sau x zai tsaya cak." Ta jujjuya shafin, wayarta tana ta ƙara, ta sa hannu a ƙasa ta miƙa mata.

To, wa za a bi? Malama ta ga mafita: a raba ajin biyu, kowa ya samu nasa.

Da safe aka sa kujeru biyu a bayan aji, kusa da kabad ɗin da ƙofarsa ba ta rufuwa. Malam Soke ya zauna a ɗaya ya harɗe hannu, Jan Biro ta zauna a ɗayar ta ɗora takardar maki a kan gwiwa. Malama ta ja layi da alli a tsakiyar allo, ta rubuta a sama:

x + y = 8
5x − 2y = 5

"'Yan wajen taga, ku soke. 'Yan wajen ƙofa, ku maye gurbi. Za ku ga abin mamaki: hanya biyu, amsa ɗaya."

Ta haddace wannan maganar tun shekaranjiya, kuma ta fito daidai. Ta shiga zagayawa tsakanin benci da nata jan biron. A layi na uku wajen ƙofa akwai wata yarinya da ake ce wa Shiru, don ba a cika jin muryarta ba. Malama ta leƙa littafinta, ta ga ta rubuta 5x − 16 + 2x. Ta duba nata littafin da aka sa wa hannu, ta ga ɗebewa ce a wurin. Sai ta soke alamar yarinyar ta gyara mata.

"Ɗebewa ce, kin gani? Ki kula."

Shiru ta ɗago kai kamar za ta yi magana, sai ta fasa. Na kusa da ita suka leƙo suka gyara nasu, na bayansu ma suka bi, don ai wanda Malama ta taɓa da hannunta ba ya zama kuskure.

Bayan minti goma ta kira mutum ɗaya daga kowane ɓangare. Na wajen taga ya ninka layin farko sau biyu, ya samu 2x + 2y = 16, ya tara shi da layi na biyu, y ta soke, saura 7x = 21. Ya rubuta x uku, y biyar, ya karkaɗe hannu ya koma. Ta wajen ƙofa ta rubuta y = 8 − x, ta sa shi a layi na biyu, 5x − 2(8 − x) = 5, ta buɗe baka yadda Malama ta gyara, ta samu 3x = 21. Ta rubuta x bakwai, y ɗaya.

Malama ta tsaya tana kallon allon. Amsa biyu, kowacce tsaf da ita, babu ko ɓurɓushin kashi da zai sa mutum ya yi zargi. Ta duba littafinta: bakwai da ɗaya. Ta sake duban aikin 'yan taga daga sama har ƙasa, ba ta ga inda suka kauce ba.

"Malama, wanne ne daidai?" wani ya tambaya.

"Mu gwada mu gani," ta ce, da muryar da ita kanta ba ta yarda da ita ba. "Bakwai a tara da ɗaya, nawa?"

"Takwas," in ji 'yan ƙofa, har da buga benci.

"To ai mu ma uku da biyar takwas ne," in ji 'yan taga.

Nan fa aji ya rikice. Wata ta ce wataƙila kowace hanya da amsarta. Wani ya ce in haka ne, a jarrabawa sai mutum ya rubuta duka biyun, mai maki ya zaɓi wadda ta yi masa. Wani dogo a baya ya ce shi dai tun farko bai gane dalilin da zai sa a ɓoye lamba a cikin harafi ba, in ana sonta a faɗe ta mana. Aka yi dariya, Malama ba ta ji abin dariyar ba. Ta saci kallon baya. Malam Soke ya kafe idonsa a kan fankar da ba ta juyawa, bai da niyyar ceton kowa. Jan Biro kuwa ta sunkuya tana ta rubutu, da sauri, ba ɗagawa. Malama ta ce a ranta, shi ke nan, shekara ta tafi, me zan gaya wa Yaya?

Saura minti goma sha biyu a buga ƙararrawa. Akwai hanyar kuɓuta, kuma ta gan ta sarai. Littafinta yana ɗauke da sa hannun mai dubawa a ƙarƙashin bakwai da ɗaya. Sai ta ce 'yan taga su sake duba aikinsu a gida, ta share allo, ta wuce zuwa taƙaitawa. Har ta ɗauki abin share allon. Amma da ta ɗaga hannu sai idonta ya sauka a kan layi na biyu, wanda tun ɗazu ba wanda ya kula shi, ita ma ranar da ta tsara darasin ba ta kula shi ba. Layin farko kawai ta gwada, ta ga takwas, ta rufe littafi.

Ta ajiye abin sharewar.

"Layi nawa aka ba mu?"

"Biyu."

"Nawa muka gwada?"

Malama ba ta jira amsa ba. Ta rubuta a ɓangaren taga: biyar sau uku sha biyar, a ɗebe biyu sau biyar, saura biyar. Daidai. Ta koma ɓangaren ƙofa: biyar sau bakwai talatin da biyar, a ɗebe biyu, saura talatin da uku. Ta rubuta 33 kusa da 5, ta ja da baya.

"Amsar 'yan ƙofa ba daidai ba ce, kuma ba laifinsu ba ne, ni na ɓatar da su. Daga layin farko muka ciro y, don haka ko wace lamba muka samu wa x, in muka koma can dole ta ba mu takwas. Layin farko ba zai taɓa tona mana asiri ba. Shiru, zo ki rubuta abin da kika rubuta da farko, kafin in taɓa miki."

Yarinyar ta fito tana jan ƙafa. Ta rubuta 5x − 16 + 2x = 5, ta ce a hankali, "Ɗebewa sau ɗebewa, tarawa ce." Daga nan 7x = 21 ta fito, irin ta ɗaya ɓangaren sak, x uku, y biyar.

"To Malama," in ji dogon nan na baya, "ranar jarrabawa wacce za mu bi? Ki faɗa mana ɗaya kawai."

Ga masu hanyoyin nan biyu zaune suna jinta. Ta rasa wanda za ta kalla, sai ta kalli allo.

"Ba zan faɗa muku ɗaya ba. Ku dubi jimlar tukuna. In an riga an ba ku harafi shi kaɗai a gefe, kamar y = 2x + 1, ku maye gurbi, an yi muku rabin aikin. In haruffan suna jere kuma lambobin gabansu sun yi daidai, ko ninki ɗaya zai daidaita su, ku soke. In kowane harafi yana da lamba a gabansa, kamar 3x da 4y, maye gurbi zai jefa ku cikin kashi-kashi, gara sokewa. Wannan ta yau duka biyun suna yi, amma akwai ɗebewa a bakin baka, kun kuwa ga abin da ta yi mini. Kowacce kuka bi, ku gwada amsar a layi biyun, ba ɗaya ba."

"Wato dai babu amsa," in ji dogon, aka buga ƙararrawa.

Yara suka fita suna gardama, wasu har yanzu suna ganin bakwai da ɗaya ta fi kyau. Malam Soke ya tashi ya miƙe baya, da ya zo wucewa ya ce, "Da kin soke, 'yata," amma ya tsaya ya share mata allon da kansa, abin da bai taɓa yi ba.

Jan Biro ta miƙo hannu. "Littafin."

Malama ta ba ta. Jan Biro ta buɗe shafin, ta daɗe tana kallon sa hannunta a ƙarƙashin bakwai da ɗaya, sannan ta rufe ta mayar mata tare da takardar maki, ta ɗauki jakarta ta fita.

Malama ta kasa duban gaban takardar, sai ta fara juya bayanta, inda aka yi ta rubutun nan ɗazu. Ta ɗauka jerin laifuffukanta za ta gani. Lissafi ne, da jan biro, daga sama har ƙasa: an soke, an maye gurbi, an kashe wani layi an sake, can ƙasa an rubuta 33 an ja masa layi biyu. Ta juyo gaban. A gurbin sakamako an rubuta ta ci, a ƙarƙashinsa kuma, wurin da ake sa shawara ga ɗalibi, layi ɗaya ne kacal: "Ni ma layin farko kawai na gwada."