Buhunan da ke Ma'ajin Zoza

Shekara goma sha ɗaya Malam Sunusi ya yi yana akanta a ƙungiyar manoman gyaɗa ta Karaye da Rogo, kuma duk tsawon shekarun nan bai taɓa shakkar cewa kujerar manaja tasa ce ba, lokaci kawai yake jira. Da tsohon manaja ya yi ritaya har sabuwar hula Sunusi ya saya. Sai kwamitin gudanarwa ya ɗauko Mas'uda, wadda a gabansa aka yi bikin sunanta, ya ba ta riƙon ƙwarya na wata shida. Aka ce in an zauna a kan rahoton wata uku na Yuli zuwa Satumba, a ranar za a tabbatar da ita ko a nemi wani. Wanin nan kuwa, a lissafin Sunusi, ba sai an je nesa ba.

Ba wai Mas'uda ta yi masa wani laifi ba ne, abin da ya fi ƙona masa rai ke nan. Kullum da safe sai ta leƙo ofishinsa ta russuna ta ce, "Ina kwana, Baba Sunusi, an tashi lafiya?" Shi kuwa ya amsa a daƙile, yana jin kalmar Baban nan tamkar ana tuna masa cewa ya tsufa a kujera ɗaya. In ya ji direban tarakta na cewa "Manaja ta ce," sai shayin da ke bakinsa ya koma ruwa. Hassada ce, ba wani suna gare ta ba, kuma shi ma in ya kaɗaita ya san haka.

Ƙungiyar tana da wata al'ada tun kafuwarta. Yawancin 'yan kwamitin dattawan manoma ne, wasu ajami kaɗai suke karantawa, don haka ba wanda ke wahalar da kansa da shafukan lambobi. Wasiƙar da ke saman rahoton ita ce komai. Akanta ne ke miƙewa ya karanta ta a fili, in ya gama shugaba Alhaji Shitu ya dube shi ya ce, "Akanta, haka ne?" Ya ce haka ne, sannan a fara tambayoyi. Da can Sunusi ne ma ke rubuta wa tsohon manaja wasiƙar, da Turanci mai nauyi, ya karanta yana fassarawa, dattawa na gyaɗa kai wasu na gyangyaɗi. Shi a ganinsa ƙwarewa ke nan.

A ƙarshen Satumba wani dillali ya sauke buhunan ajiya dubu biyu a ma'ajin ƙungiya na Zoza, irin masu leda a ciki da ke hana gyaɗa da wake yin ƙwari. Kowanne naira dubu ɗaya da ɗari biyar, miliyan uku ke nan cif, daidai da abin da aka ware a kasafi. Takardar neman biya ta iso teburin Sunusi ran ashirin da tara. Ya sani sarai cewa kayan da aka karɓa a Satumba lissafinsu na Satumba ne, ko an biya ko ba a biya ba. Ya jujjuya takardar, ya buɗe aljihun tebur, ya tura ta ƙarƙashin tsofaffin rasitai.

Da ya miƙa wa Mas'uda lissafin, sai ya fito fes. An ware miliyan goma sha huɗu, an kashe goma sha biyu da dubu ɗari biyu. Bayan kwana biyu ta shigo da daftarin wasiƙarta, da Hausa ta rubuta, ta ce, "Baba, duba mini ko na yi kuskure."

Ya sa tabarau. A sakin layi na farko ta rubuta cewa an samu rarar miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas. Ya ɓoye murnarsa.

"Madalla," in ji shi. "Ai kwamiti zai ji daɗi."

"Wuri ɗaya ne ya tsaya mini. Kowane bambanci ina so in faɗi nawa ne, me ya jawo shi, me za mu yi a kai. Na gas na sani, na gyaran inji na sani. Buhunan nan fa, me ya sa ba a kashe ko kwabo ba?"

"Ba a biya ba tukuna," ya ce, yana kallon biro. Ya gaya wa kansa ai bai yi ƙarya ba.

Ta ce to, ta fita. Ran Laraba ba ta zo ofis ba, ran Alhamis ta zo takalmanta da busasshen taɓo. Sunusi ya gani bai kawo komai a ransa ba, don a lokacin ya yi nisa cikin shirya yadda zai yi. Zai karanta wasiƙar har ƙarshe, a yi ta barka da rara. In Alhaji Shitu ya tambaye shi ko haka ne, sai ya sunkuyar da kai kamar abin ya dame shi, ya zaro takardar ya ce ga bashin miliyan uku da manaja ba ta ma san da shi ba. Har yadda zai girgiza kai ya gwada a gaban madubin babur ɗinsa. Da aka kawo masa kwafinsa na rahoton mako guda kafin zama, bai ko buɗe ambulan ɗin ba. Me zai karanta, ai ya riga ya gani.

Ranar Asabar ɗin zaman ya sa sabuwar hular nan, ya ninke takardar gida huɗu ya sa a aljihun gaba. Mutum tara suka zauna a zauren ƙungiya da ke Karaye, na Rogo da na Ruwan Bago sun yi sammako. Aka yi gaishe-gaishe, aka tambayi iyali da amfanin gona, aka buɗe da addu'a. Mas'uda na gefe da fayil a cinya. Sunusi ya miƙe, ya farke ambulan, ya gyara murya.

"Zuwa ga shugaba da 'yan kwamiti, bayan gaisuwa. Ga rahoton Yuli zuwa Satumba. A taƙaice, mun wuce kasafi da naira miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu."

Ya tsaya. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Ci gaba mana, Akanta," in ji Alhaji Shitu.

Ba yadda zai yi, ya ci gaba. "Teburin shafi na uku ya nuna kamar mun yi rarar miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas. Kada ku yi murna da ita, ba rara ba ce. Buhuna dubu biyu na miliyan uku sun iso Zoza ran ashirin da bakwai ga Satumba, na je na ƙirga su tare da mai kula da ma'aji, amma ba su riga sun shiga littafi ba. In aka haɗa su, abin da muka kashe miliyan goma sha biyar ne da dubu ɗari biyu. Na liƙa gyararren tebur a shafi na ƙarshe. Ƙarin ya fito daga wuri biyu. Gas ya ci dubu ɗari tara fiye da abin da aka ware, don farashin lita ya tashi bayan an yi kasafi, kuma ruwa ya cinye hanyar Ruwan Bago, tarakta ta yi ta zagaye. Injin ɓarar gyaɗa ya lalace, gyaransa dubu ɗari uku, ba mu sa shi a kasafi ba. Gyaran ya wuce, ba zai dawo ba. Na gas zai ci gaba, don haka ina neman izininku mu ƙara kuɗin hayar tarakta daga Oktoba."

Abin haushin, wasiƙar ta yi kyau. Yana karantawa yana jin yadda kowace jimla ke zama daram, ba wanda ke gyangyaɗi, wani dattijo daga Rogo har yana lissafi da yatsu. Saura layi biyu, kuma da idonsa ya riga bakinsa isa gare su sai ya daure ya karanta.

"Laifin jinkirin shigar da buhunan nawa ne, don ban sa ranar rufe karɓar takardu ba. Daga yanzu ni da akantanmu Malam Sunusi, wanda ya fi ni sanin littattafan nan nesa ba kusa ba, za mu riƙa haɗa takardun ma'aji da na ofis kafin a rufe kowane wata."

Alhaji Shitu ya jingina da kujera ya ce, "Ikon Allah. Yau shekara nawa ina zama a nan, sai yau na san inda kuɗinmu ke tafiya." Ya faɗa ne da zuciya ɗaya, bai san ya taka kowa ba. Sannan ya juyo.

"Akanta, haka ne?"

Sunusi ya dubi Mas'uda. Da ma ta yi masa kallon na-kama-ka, da ya samu abin riƙewa ya tsane ta da hujja. Ina, kanta na ƙasa tana gyara fayil.

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"To, takardar dillalin fa, ta iso? Kar mu riƙe wa bawan Allah haƙƙinsa. In sai an aika Zoza ne a aika yau."

Sunusi na iya cewa zai bincika. Amma dillalin da kansa ya kawo ta, kuma maƙwabcin Alhaji Shitu ne a kasuwa. Sunusi ya sa hannu a aljihun gaba ya zaro ta, ya warware ninkin nan huɗu a gaban kowa, ya ajiye a tebur.

"Ka ga aiki!" in ji dattijon Rogo. "Har ya taho da ita. Wallahi yarinyar nan ta iya tafiyar da ma'aikata."

Alhaji Shitu ya jawo takardar, ya daɗe yana duban hatimin karɓa da kwanan watan da Sunusi ya rubuta da hannunsa, ya ɗago ya dube shi sau ɗaya, ya kife ta.

Aka ɗaga hannu, tara cif, aka tabbatar da Mas'uda. Da yake akanta ne ke riƙe da littafin zama, Sunusi ne ya rubuta hukuncin, har Alhaji Shitu na ce masa ya rubuta sunanta da manyan baƙi.

Bayan an watse ya tsaya yana tattara kofuna, aikin da ba nasa ba, don kada su haɗu a ƙofa. Sai ga ta a bayansa.

"Baba Sunusi, sannu da ƙoƙari. Ran Litinin in ka samu sarari mu shigar da buhunan a littafi."

Ya so ya tambaye ta ko ta san da gangan ya ɓoye takardar. Ya kasa, don ya san amsar, kuma ya san ba za ta taɓa faɗa ba, haka zai ci gaba da amsa gaisuwarta kowace safiya.

"Allah ya kai mu, Manaja," ya ce. Ranar ce ya fara kiranta da sunan.