Kusurwar Jikin Bango

Makullin ɗakin gwaje-gwajen makarantarmu a wuyana yake kwana. Maiɗakina ta sha faɗa cewa ranar da na cika sai an tuna wa masu wanka su cire shi. Ba na musa mata. Da hannuna na kafa kantocin ɗakin nan, ni na fere falankin da muke koyar da gangare da shi, ni na sa wa bulon katakon tayoyi don ya riƙa mirginawa ba tare da ya goge ba. To ga ritaya ta zo, dole makulli ya sauya wuya, kuma ba kowane wuya na yarda da shi ba.

Mutum biyu suka rage a neman gurbin malamin Fiziks. Akwai Jesse, saurayi mai fara'a da murya kamar lasifika. Akwai Saudatu, 'yar wani maƙeri a Ƙofar Dumi, wadda na koyar tun tana tsoron taɓa batir, ta je jami'a a Gubi ta dawo da digirinta. Kowa ya san wadda nake so. Shi ya sa shugaban makaranta, Malam Mansir, ya kira ni gefe tun da safe.

"Baffa," in ji shi, don haka kowa ke kirana har shi, "za ka zauna a baya, amma ba ka da ƙuri'a, ba ka da baki."

"Numfashi fa?"

"Shi ma a hankali."

Alƙalancin yana hannunsa da na Dakta Roda, malamar jami'a da aka gayyato. Tsarin mai sauƙi ne. Ita za ta yi zane a allo, kowane mai nema ya karanta shi ya koyar da rabin ajin ƙarshe. Wanda ya fi, aiki nasa.

Dakta Roda ta zana bango a tsaye, ta jingina masa falanki, ta ɗora bulo a kai. Daga jikin bulon ta fitar da kibiyoyi uku. Ɗaya ta miƙe ƙasa tsaye, nauyin bulon ke nan, Niyuton goma a ma'aunin ƙarfi. Ɗaya ta fito daga fuskar falankin ta yi gicciye da shi, wato turin da falanki ke yi wa bulo. Ta uku ta bi falankin ta yi sama, igiyar da ke riƙe da bulon. Ta rubuta cewa falankin mai santsi ne, bulon kuma bai motsi, ana neman ƙarfin jan igiya. Sai ta sa kusurwa digiri sittin. Ba a ƙasa ta sa ta ba, inda kowane littafi ke sa ta tsakanin falanki da daɓe. Can sama ta sa ta, tsakanin falanki da bango. Ta karkaɗe alli daga hannunta ta zauna kamar ba ta yi komai ba.

A garin nan akwai wata waƙa da masu lesin na yamma suka cusa wa yara: "Sain na gangara, kos na dannawa." Ma'ana, idan ka raba nauyi gida biyu, kason da ke jan bulo ƙasa ka ninka da sain ɗin kusurwar, kason da ke danna shi kan falanki ka ninka da kos ɗinta, kamar yadda ake yi a darasin lissafi. Gaskiya ce, amma sai kusurwar tana ƙasa. Na yi ta yaƙi da waƙar nan har gashina ya yi fari, ita ko gezau.

Jesse ya fara. Ya koyar da kyau, ban hana shi nasa ba. Ya sa yara dariya, ya ja waƙar suka amsa har tagogi na rawa, ya rubuta goma sau sain sittin, ya samu takwas da ɗigo bakwai. Aka yi masa tafi. Malam Mansir, wanda Labarin Ƙasa ya karanta, ya yi ta gyaɗa kai. Ni kuwa na ciji leɓe har ya yi zafi.

Aka goge aikinsa aka bar zanen, aka shigo da ɗaya rabin ajin, sannan aka kira Saudatu. Ta shigo da hijabinta ruwan toka, ta yi sallama, muryarta ƙasa ƙasa. Maimakon ta fara magana sai ta tsaya tana kallon allo. Ta daɗe. Malam Mansir ya duba agogo. Na san abin da take yi, domin ni na koya mata cewa zane kamar dattijo ne, ana barinsa ya gama magana tukuna. Amma ga wanda bai sani ba, sai ya ce tsoro ne ya kama ta.

Ta nuna kibiyoyin ɗaya bayan ɗaya, tana tambayar yara wane ne ke ja, wane ne ke turi. Sannan ta raba kibiyar nauyi biyu da layi mai ɗigo-ɗigo, ɗaya ya bi falanki ƙasa, ɗaya ya nutse cikinsa.

"Waɗannan biyun ba sababbin ƙarfi ba ne," ta ce. "Nauyin nan ne dai muka raba. Kada wani ya ƙirga su ya sake ƙirga uwarsu."

Sai ta rubuta jan igiya daidai yake da goma sau kos sittin, wato biyar.

Aji ya ɗauki gunaguni. Wata yarinya mai kaifin baki, Yagana, ta ɗaga hannu.

"Malama, an yi kuskure. Sain na gangara."

"Kos na dannawa," sauran suka ƙarasa mata baki ɗaya.

Malam Mansir ya karkata wajen Dakta Roda. Daga inda nake na ji raɗarsa. "Na farko ya samu takwas da wani abu, wannan ta samu biyar, ga yara ma sun kama ta." Ya rubuta wani abu a takardarsa. Dakta Roda ta ci gaba da kallon gaba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na kama makullin wuyana na matse. Idan na yi magana, na kashe ta da kaina, za a ce tsoho ne ya ba ta amsa.

Saudatu ba ta yi fushi ba, ba ta kuma ce wa yarinyar ta zauna ba.

"Yagana ko? Zo ki taimake ni. Nuna mini inda sittin take."

Yarinyar ta je ta kai yatsa ƙasan falankin da sauri, ta tarar ba komai. Yatsan ya yi ta yawo har ya hau sama.

"A jikin bango take."

"Kibiyar nauyi fa, ina ta dosa?"

"Ƙasa, tsaye."

"Kamar me a zanen nan?"

Yagana ta dubi zanen. "Kamar bangon."

"To tunda bango da kibiyar nauyi hanya ɗaya suka bi, kusurwar da ke tsakanin falanki da bango ita ce tsakanin falanki da kibiyar nauyi. Kason da ke gangarawa shi ne ke maƙwabtaka da sittin ɗin, kuma maƙwabcin kusurwa kos yake ɗauka. Waƙarku ba ƙarya ta yi ba, kusurwar ƙasa take nufi. A nan ta ƙasa talatin ce. Sain talatin nawa?"

"Rabi."

"Kos sittin?"

"Rabi," in ji Yagana, a hankali.

Wasu sun gane. Da yawa kuwa fuskarsu na cewa malama ta iya zance ne kawai. Malam Mansir yana cikinsu, bai goge abin da ya rubuta ba. Saudatu ta lura. Ta juya ta dubi kusurwar ɗakin inda falankina ke tsaye.

"Ranka ya daɗe, a ba ni izini in taɓa kayan gwaji?"

Aka ba ta. Ta ɗauko sikelin rataye, ta kai shi saitin idonta, ta murza 'yar ƙusar da ke kansa har allurar ta koma kan sifiri. Sikelin nan ya tsufa, kullum sai an yi masa haka, kuma ba wanda ya tuna mata. Ta rataya bulon mai tayoyi, Yagana ta karanta goma. Ta jingina falanki da bango, ta auna sittin a sama da babban ma'aunin kusurwa na allo, ta maƙala sikelin a ƙusar da ke kan falankin, ta saki bulon a hankali har igiya ta miƙe.

"Karanta mana."

Yagana ta sunkuya. Ta sake sunkuyawa. "Biyar ne, Malama. Saura ƙiris."

"Ƙiris ɗin na tayoyi ne, ba su rasa ɗan gogayya. Yanzu ku kalli wannan." Ta sa yara biyu suka riƙa tura gindin falankin wajen bango. "Kusurwar sama ƙaruwa take ko raguwa?"

"Raguwa."

"Idan kusurwa ta ragu, sain ɗinta raguwa yake. Da sain ne a nan, da allura ta yi baya. Yagana?"

"Gaba take yi. Bakwai. Takwas. Tara." Falanki ya kusa miƙewa tsaye. "Ta kusa goma."

"Dole. Falanki ya daina ɗaukar kaya, igiya ta ɗauke duka."

Ba a yi tafi ba. Wani yaro a baya ya ce "Ashe," shi ke nan. Malam Mansir ya tashi da kansa ya je ya leƙa sikelin, ya dawo ya ja dogon layi a kan abin da ya rubuta. Sai a lokacin Dakta Roda ta buɗe baki.

"Malama Saudatu, me ya sa kika daɗe kina kallon allo kafin ki fara?"

"Dakta, an koya mini kada in amsa wa zane kafin ya gama magana."

Ba ta dube ni ba, kuma na ji daɗin hakan. Alfahari ya cika ni har idona ya kawo ruwa, na yi kamar ƙurar alli ce.

Bayan la'asar aka kira Jesse da Saudatu ofis, aka ba Saudatu aikin. Jesse ya fito ya taya ta murna, sannan ya koma ajin ya tsaya gaban zanen yana kallon sittin ɗin nan shi kaɗai. Yaron zai yi malami, na faɗa wa Malam Mansir haka.

Na sami Saudatu a ɗakin gwaje-gwaje tana mayar da falanki mazauninsa. Na cire igiyar makullin daga wuyana. Wajen ya yi mini wani iri, sakayau. Ta karɓa da hannu biyu tana rusunawa.

"Allah ya saka da alheri, Baffa."

"Amin. Ki riƙa kulle tagar baya, awaki na shigowa."

"To. Amma Baffa, tayar baya ta hagu ta bulon nan tana ɗan cijewa. Ita ta ci mana ƙiris ɗin nan. Gobe zan kai wa Baba ya duba."

Tayar da na sa da hannuna. Na buɗe baki zan ce mata lafiyarta ƙalau, sai na ɗauki bulon na murza tayar da yatsa. Tana cijewa. Na miƙa mata shi, na ce ta gaishe da maƙerin.