Haruffan Auta

Yaya tana cikin ɗinka tambarin shago a wuyan wata 'yar riga aka bugo waya cewa motar da Auta ta shiga ta kife. Yaya ba ta yi kuka nan take ba. Sai da ta ƙarasa ɗinkin, ta datse zaren da haƙori, sannan kukan ya zo.

Shagon ɗinkin kayan yara ne, nasu su biyu. Yaya ke kan keke, ƙanwarta Auta ke tarbar mutane da surutu da dariya. Auta ce ta zaɓi haruffan tambarin: manya, masu kumatu, ba kusurwa ko ɗaya, wani ya ɗaga sama wani ya sauko kamar yara suna tsalle a katifa.

Bayan zaman makoki haruffan suka ci gaba da tsallensu a allon da ke saman ƙofar gaba. Iyaye su shigo da fara'arsu, su tarar da mace shiru a bayan keke, su rage murya kamar sun yi ɓatan kai.

Ran nan Yaya ta je wurin mai zanen da ya yi musu tambarin.

"Canza min haruffan nan. Dariya suke yi min."

"Wane iri kike so, Yaya?"

"Masu kama bakinsu."

Ya juyo mata da kwamfuta, ya rubuta sunan shagon, ya yi ta sauya masa kaya. Wasu baƙaƙe masu kauri suka fito, ta ce waɗannan na mai sayar da siminti ne. Wasu haɗe da juna kamar rubutun hannu, ta ce na masu kwalliyar amare. Can ta ɗora yatsa a kan wasu sirara, dogaye, masu 'yan ƙafafu a ƙasa, kowanne tsaye a wurinsa.

"Waɗannan."

"Suna da kamala," in ji shi. "Amma uwa ta hango su daga titi, za ta zaci ofishin lauya ne. Kuma a ɗan ƙyallen wuyan riga siraran layukan nan ɓacewa za su yi. Ba ke ake zanawa ba, Yaya, shagon ake zanawa. Kin daina ɗinka wa yara ne?"

"Me na iya ban da shi?"

Duk da haka ta sa ya buga mata a takarda. Ta koma shago, ta ɗora takardar a kan wata riga mai hoton agwagwa, ta ja baya ta duba. Sunan bai canza ba, amma babu Auta a ciki ko kaɗan. Shagon mace ɗaya ne, wadda ba ta taɓa yin ƙanwa ba. Ta kife takardar.

Ba ta sake komawa wurin mai zanen ba, allon kuma yana nan yadda yake. Kowace safiya takan zagaya ta lungun masu gyaran babur, ta shiga ta ƙofar baya, ta buɗe ta gaba daga ciki ba tare da ta leƙa waje ba.