Hannun Auta a Kafaɗar Inna

Ranar da Inna ta tara 'ya'yanta da jikokinta, Auta ce kawai ba ta zo ba. Ma'aikaciyar jinya ce a wani gari mai nisa, wadda za ta canje ta a wurin aiki kuma ta kwanta rashin lafiya. Ta buga waya ta ba da haƙuri, Inna ta ce, "Ba komai, 'yar nan, akwai wani jiƙon." Ba a sake wani taron ba. Damina ba ta ƙare ba Inna ta rasu.

Bayan an share makoki, Yaya Babba ya ce zai sa a wanke hoton da aka ɗauka a taron, kowane gida ya samu guda. Ya tambayi Auta ko ta yarda a saka ta a ciki. Ta ce, "To, Yaya."

Shagon mai hoton ɗan ƙarami ne, tsakanin tela da mai gyaran waya. Shi ne ya ɗauki hoton tun farko. Ya buɗe shi a kwamfuta: ga Inna da Baba a kan kujeru, yara a zube a gabansu, manya a tsaye a baya, kowa baki har kunne. Auta ta miƙa masa wayarta ya zaɓi hotonta guda. Ya duba, ya girgiza kai.

"Hajiya, waɗannan ba za su shiga ba. Daga sama kika ɗauke su, kuma a ƙarƙashin ƙwan lantarki. Su kuwa a tsakar gida suke da yamma, haske na zuwa musu daga hagu. In na liƙa ki haka, ko yaro zai gane. Gara in ɗauke ki sabo."

Ya tsayar da ita gaban farin ƙyalle, ya ja fitila zuwa gefen da ya dace, ya saita kyamara daidai tsayin da ya ɗauki na farko. Ya ce a bayan kujerar Inna zai sa ta, kusa da Yaya, don kujerar ta rufe ta daga ƙugu zuwa ƙasa.

"Zai yiwu hannuna ya zama a kafaɗarta?" in ji Auta.

Mai hoton ya jawo kujera, ya jingina matashi a jikinta. "Dafa nan."

Ta dafa. Matashin ya lotsa ƙarƙashin yatsunta, ta yi sauri ta kau da kai.

"Saura abu ɗaya," ya ce a hankali. "Kowa dariya yake yi a hoton. Ke ma sai kin yi."

Ta gwada. Leɓɓanta suka buɗe, idanunta suka ƙi. Ya ɗauka, ya duba, ya goge. Ta sake gwadawa, abin ya fi na farko muni. Sai ta juya wajen Yaya, wanda ke zaune a kan benci yana juya hularsa a hannu.

"Wai me ya ba ku dariya haka?"

Yaya ya share maƙogwaro. "Mai hoto ne ya ce kowa ya yi murmushi. Sai Inna ta zunguri Baba ta ce, 'Ban da kai, Malam. Rufe bakinka, kada jikoki su ƙirga abin da ya rage.'"

Dariya ta ƙwace wa Auta, irin ta Inna sak, har da ɗan karkatar da kai. Fitila ta walƙa. Kafin mai hoton ya sauke kyamara, dariyar ta koma kuka. Ta durƙusa ta rungume matashin. Yaya ya tashi ya fita waje, wai zai amsa waya.

Da kukan ya lafa, ta zauna tana kallon aikin. Mai hoton ya yanko ta daga farin ƙyallen, yana bin bakin mayafinta a tsanake. Ya rage girmanta har kanta ya zo daidai kunnen Yaya. Ya ɗan ɗumama launin fuskarta ya dace da hasken yamma, ya rage mata kaifi don kada ta fi sauran fitowa. Daga ƙarshe ya shafa siririyar inuwa ƙarƙashin yatsunta, a kan mayafin Inna. Nan take hannun ya zauna, kamar da nauyinsa.

Da aka wanko, ita ta kai wa Baba nasa a firam, Yaya na biye da ita. Tun rasuwar Inna tunaninsa ke zuwa yana tafiya. Ya sa tabarau, ya bi fuskokin da yatsa har ya iso kanta. Ya ɗago ya dube ta.

"Ashe kin zo, Auta! Uwarki ta yi ta leƙen ƙofa. Kin same ta ke nan?"

Yaya ya buɗe baki zai yi bayani. Auta ta riƙe masa hannun riga.

"Ina zan rataya maka shi, Baba?" ta ce.

Ya nuna bangon da ke fuskantar gadonsa. Ta fita neman ƙusa da guduma, ta daɗe ba ta dawo ba.