Gindin Kwala

Shekara talatin tsohon tela yana koyar da ɗinki, har bakinsa ya gaji da maimaici. Yau ma ya baje yankakkiyar rigar shat a tebur gaban ƙaninsa, direban da ciwon baya ya raba da mota.

"Wannan ƙyallen kafaɗa ne, falle biyu, shi ke haɗa gaba da baya. Ga layin maɓalli. Ga bakin hannu, inda hannun riga yake ƙarewa."

"Yaya, ni fa ɗinki na zo koya, ba haddar sunaye ba."

Tela ya ɗaga kwala, ya leƙa ƙarƙashinta, ya laluba tebur.

"Ina gindin kwala?"

"Mene ne kuma haka?"

"Ƙyallaye biyu sirara, masu ɗan lanƙwasa. Su ake fara ɗinka wa kwala, sannan a haɗa da wuyan riga. In babu su, ba za ta tsaya ba."

Ƙanin ya dubi tsumman da ya goge man keken ɗinki da shi tun safe. Ya warware shi a hankali. Sirara ne, guda biyu, sun yi baƙi ƙirin.

Tela ya cire tabarau, ya murza idanu.

"To, yanzu ka san sunansa."