Layin da Na Ƙara a Ƙasan Jadawali

Ofishina yana ƙarshen baranda, bayan ɗakin wanki na asibiti, inda babu mai zuwa sai wanda ya ɓata hanya ko mai son a sa masa hannu. Shekara ashirin da biyu ina aikin saye a nan. Daga allura har tayar motar ɗaukar marasa lafiya, duk ta teburina suke bi, amma ko bikin wani ake yi a cikin ma'aikata sai dai in ji labari bayan an watse. Ban ga laifinsu ba. Mutumin da kullum amsarsa ita ce a kawo farashi uku ba ya tara jama'a.

Tun da mai ɗakina ta rasu, 'yata kuma ta bi mijinta wani gari mai nisa, mutum ɗaya ne yake zama ya yi hira da ni, wato Dogo, mai kawo mana injuna da kayan wuta. Kowace Alhamis yakan leƙo, ko da aiki ko babu, ya miƙe ƙafafunsa har ƙarƙashin teburina, ya tambayi gwiwata, ya zagi ƙungiyar ƙwallon da nake so. Ba na ɓoyewa, tun ranar Litinin nake fara jiran Alhamis.

Sai janaretan asibiti ya mutu, mutuwar da ba farkawa. Muka ɗauko na haya, mai shi ya ce kwana talatin kacal zai ba mu, don ya riga ya yi wa wani alkawarinsa. Na aika wa kamfani uku bayanin injin da muke so, girma ɗaya, da dasawa, suka turo takardun farashi. Ɗaya daga cikinsu na Dogo ne.

Na buɗe jadawali a kwamfuta, kowane kamfani da gurbinsa, a gefen hagu na jera farashi, lokacin kawowa, garanti, da sharaɗin biya. Na uku bai wahalar da ni ba, ya fi kowa tsada, yana son mako shida da kuɗinsa duka kafin ya motsa. Takarar tsakanin Dogo ce da wani sabon kamfani da ban taɓa ganin fuskar kowa nasu ba.

A kallon farko Dogo ya cinye. Miliyan goma sha takwas, kwana goma sha huɗu, garantin shekara ɗaya. Sabon kamfanin miliyan ashirin da dubu ɗari uku, kwana ashirin da ɗaya. Sai dai duk wanda ya daɗe a aikin nan ya san takardar farashi daga ƙasa ake karanta ta, wajen ƙananan rubutun nan da ke sa mutum neman tabarau. Farashin sabon kamfanin ya haɗa da haraji da dasawa, na Dogo bai haɗa ba. Na ƙara masa su, ya tashi miliyan goma sha tara da dubu ɗari tara. Har yanzu shi ne mai sauƙi, na ji daɗi a raina kamar ni za a biya.

Daɗin bai kai azahar ba. Garantin Dogo shekara ɗaya ne ko awa dubu na aiki, duk wanda ya riga cika. Mu kuwa injinmu awa goma yake yi a rana, shekarar tasa kwana ɗari ce ke nan. Na sabon kamfanin shekara biyu ko awa dubu uku, wato kwana ɗari uku. Sannan kwana goma sha huɗun Dogo ba za su fara ƙirguwa ba sai kashi saba'in na kuɗin ya shiga hannunsa. Ni na san ofishin akantanmu, kuɗin kafin alƙalami ba ya fita ƙasa da mako uku, ko gini na ci da wuta. Mako uku da kwana goma sha huɗu, kwana talatin da biyar, ga shi har mun ci kwana shida cikin talatin ɗin haya. Sabon kamfanin daga ranar da ya karɓi takardar oda yake ƙirga, a biya shi wata guda bayan dasawa.

Na kira duka ukun don su tabbatar mini da sharuɗɗansu, kamar yadda ƙa'ida ta ce. Dogo na bari ƙarshe.

"Kashi saba'in ɗin nan dole ne?" na tambaye shi.

"Dole ne, mutumina. Ba ni da abin ɗauko inji sai da shi. Kasuwa ta yi mini nauyi bana, ka sani."

"To kwanakinka sun zama talatin da biyar."

Ya yi dariya. "Ni goma sha huɗu na rubuta. Kwafe abin da ka gani kawai. Wa ya ce ka yi ƙarya?"

Gaskiyarsa, ba wanda zai kama ni. Kwamitinmu mutum uku ne, manaja da akanta da shugabar nas-nas, kuma ba su taɓa juya jadawalina su duba takardun da ke bayansa ba. Layin farashi suke kallo, su sa hannu, su tafi cin abinci. Kwana biyu jadawalin yana buɗe a gabana, injin wanki yana ta kaɗa bango. Na yi ta nema wa kaina hujja. Wataƙila akanta ya yi sauri wannan karon, wataƙila mai haya ya ɗaga ƙafa. Amma ɗakin tiyata a saman kaina yake, ina jin ƙarar gadon da ake turawa ciki, kuma wataƙila ba ta kunna fitila.

Na ƙara layi biyu a ƙasa: ainihin ranar da inji zai fara aiki, da kwanakin garanti bisa yadda muke kunna shi. A gefe na rubuta cewa Dogo, mai kamfani na farko, abokina ne, don kada a ji daga bakin wani. Zaman kwamiti bai kai minti goma ba. Shugabar nas-nas ta ɗora yatsa a kan ranar, ta ce, "Ai magana ta ƙare." Akanta ya ɓata fuska don an rubuta mako ukunsa a takarda, amma bai musa ba.

Ni na kira Dogo na faɗa masa, ban bari ya gani a wasiƙa ba. Ya ce, "To, yallaɓai, Allah ya sa haka ya fi alheri." Shekara ashirin bai taɓa ce mini yallaɓai ba. Alhamis ta zo ta wuce, wata ta biyo ta. Na kira sau biyu, wayar tana shiga ba a ɗauka. Na yi kewarsa ƙwarai, kuma ba ni da wanda zan gaya wa.

Aka dasa inji saura kwana ɗaya na haya ya tafi. Ba wanda ya ce mini sannu, ban kuma sa rai ba.

Bayan mako guda aka ƙwanƙwasa mini ƙofa. Wakilin sabon kamfanin ne, mai fara'a, takalminsa na ƙyalli. Ya ce wucewa yake yi, ya ga bai dace ba ya tafi bai gaishe da Baba ba. Ya tambayi lafiyata, ya tambayi iyali, ya tambaya ko ina kallon ƙwallo. Ina kallonsa na tuna yadda Dogo ya fara shigowa ofishin nan, mako guda bayan odarsa ta farko, shi ma wucewa yake yi. Na san abin da ya kawo wannan, kuma yanzu ban san abin da ya riƙa kawo wancan ba duk shekarun nan.

"Ko na katse maka aiki, Baba?" ya ce, hannunsa a kan ƙofa.

"A'a," na ce. "Zauna."